Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Daraktan Kamfanin Sarin Magani: Ku Aiko A Kwashe Kayan Nan

Adjamé, Abidjan
20 ga Oktoba, 2025

Yallaɓai Darakta,

 

Ni ce mai kantin maganin nan da ke kusa da Kasuwar Guro a Adjamé, wadda ta daɗe tana sarin kaya a wurinku. Na rubuto ne kan kayan da motarku ta sauke mini a farkon wannan wata na Oktoba. A cikinsu akwai magunguna iri uku da kwanansu ya kusa ƙarewa: kwali 60 na amlodifin mai miligiram 5, an buga musu `EXP 12/2025`, kwalba 40 na garin amoksisilin mai haɗin kilabulanik na yara, an buga musu `EXP 11/2025`, da abin shaƙa na salbutamol guda 30 na masu ciwon asma, an buga musu `EXP 01/2026`. A ranar da kayan suka iso muka buɗe, muka duba, muka rubuta ƙorafinmu a jikin takardar kaya kafin direbanku ya tashi. Na kira ofishinku na ciniki, aka ce mini kayan garaɓasa ba a mayar da su. Na sake kira, aka ce ai maganin bai mutu ba tukuna, in sayar. Wannan amsa ta biyu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na kuma zaɓi in rubuta a fili domin na san ba kantina kaɗai aka yi wa haka ba, kuma masu shan maganin nan suna da haƙƙin sanin yadda ake yi da shi kafin ya zo hannunsu. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, don gyara nake nema.

Yallaɓai, wanda ya ce mini maganin bai mutu ba ya faɗi gaskiya idan kwalin kaɗai aka kalla. Amma a kanti ba haka ake lissafi ba. Kwanan da ke jikin kwali, idan wata da shekara kawai aka rubuta, yana nufin ranar ƙarshe ta wannan wata. Ita ce ranar ƙarshe da majiyyaci zai iya haɗiyar ƙwayar da lamunin kamfanin da ya yi ta. Ranar ƙarshe da ni zan iya sayarwa kuwa tana zuwa kafin wannan, domin dole in cire kwanakin da mutum zai ɗauka yana sha. Kafin nan ma sai in cire kwanakin da kwalin zai yi a kan kanta yana jiran mai saye. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan biyun shi ne ainihin ran da magani yake da shi a hannuna.

Mu ɗauki amlodifin ɗin, tunda shi ne ya fi yawa. Maganin hawan jini ne, ana shan ƙwaya ɗaya kullum, kwali ɗaya kuma ƙwaya 30 ne. Wanda ya saya a ranar 1 ga Disamba zai gama a ranar 30, da ƙyar ya sha. Wanda ya zo ranar 10 ga Disamba ba zan iya ba shi ba, don ƙwayoyinsa na ƙarshe za su faɗa cikin Janairu. Ke nan wata biyu kacal nake da su, Oktoba da Nuwamba. Wannan nau'in nakan sayar da kamar kwali 12 a wata, kuma wannan ba ɓoyayyen abu ba ne a gare ku, domin duk odar da na taɓa yi tana cikin kwamfutarku. Wata biyu sau kwali 12 ya ba da 24. Saura kwali 36 da tun ranar da aka ɗora su a mota an san ba za su fita daga kantina ta ƙofar gaba ba.

Za ku ce me ya kai ni ɗaukar kwali 60 alhali 12 nake sayarwa. Wakilinku ne ya zo da tayin: in sayi 50, a ba ni 10 gyara. Maganin ya yanke a wurinku a watannin baya, masu hawan jini sun yi ta zuwa suna komawa hannu rabbana, don haka na ga gara in ajiye na wata biyar. Ƙwayar hawan jini irin wannan takan fito daga masana'anta da shekara biyu zuwa uku a gabanta, saboda haka ajiyar wata biyar ba ganganci ba ne. Wakilin ya faɗi farashi, ya faɗi gyara, ya faɗi ranar biya. Kwanan mutuwa ne kaɗai bai faɗa ba, kuma shi ne dalilin garaɓasar.

Ga yadda kuɗin ya kasance. Kwali ɗaya jaka 3 ne a wurinku, wato sefa 3,000, ni kuma in sayar jaka 4. Kwali 50 ya kama jaka 150. Idan Allah ya taimaka na sayar da 24 ɗin nan duka, zan tara jaka 96. Faɗuwar jaka 54 ke nan daga uwar kuɗi, ban da haya, ban da wutar na'urar sanyaya ɗaki, ban da albashin yara, ban da abin da zan kashe wajen lalata ragowar. Gyaran kwali 10 da aka yi mini kuwa yana cikin 36 ɗin da za a ƙona. Kun kuma san farashin magani a ƙasar nan ƙayyadadde ne, ba ni da ikon ƙara ko dala a kan wani magani don in cike gurbin wannan. Abin da ya faru a taƙaice shi ne asarar da ta kamata ta faɗa a siton kamfaninku an ɗauko ta an sauke a kantina, an kuma rubuta mini ita a matsayin bashin da zan biya ƙarshen wata.

Ko 24 ɗin ma ban tabbata za su fita ba, saboda irin mutanen da ke sayen magani a wurina. Kasuwar Guro kasuwar abinci ce, ayaba da rogo da tumatir da gauta da barkono, kuma matan da suka kafa ta suka riƙe ta ba zaune suke wuri ɗaya ba. Da yawansu sukan tafi ƙauyukan Zuénoula da Bouaflé da Sinfra su yi kwanaki suna tara kaya. Ga 'yan uwanmu masu fataucin albasa da ke zirga-zirga tsakanin nan da Galmi, ga direbobin manyan motoci, ga dattawan da kan tafi ganin gida Maraɗi ko Tawa ko Kano su yi wata uku. Mai hawan jini a cikinsu ba kwali ɗaya yake saye ba. Kwali biyu ko uku yake ɗauka ya sa a jaka, don bai san abin da zai tarar a can ba. Dattijon da ya zo yau yana neman na wata uku, kwali biyu kawai zan iya ba shi daga kayanku, na ukun sai na nemo masa daga wani wuri. Idan ya zo tsakiyar Nuwamba, ɗaya zan ba shi.

Abin shaƙar asma ya fi wannan tayar mini da hankali. Gwangwanin salbutamol feshi 200 ne, kuma ba magani ne da ake sha a gama cikin mako ba. Mutum yakan sa shi a aljihu, ko uwa ta sa a jakar makarantar ɗanta, sai ranar da ƙirji ya toshe a ɗauko. Wani yakan yi wata shida da guda ɗaya, wani ya shekara. Wanda kuka aiko mini zai mutu ƙarshen Janairu, daidai lokacin da ƙurar hunturu ke saukowa Abidjan, lokacin da masu asma suka fi bukatarsa. Wanda numfashi ya sarƙe masa da tsakar dare ba zai tsaya neman tocila ya karanta gindin gwangwani ba. Ni ce ya kamata in karanta masa tun ranar da ya saya, shi ya sa guda 30 ɗin nan ko ɗaya ban ɗora a kanta ba.

Na ji hujjar da wakilinku ya kawo, kuma ba zan yi kamar ban san ta ba. Ya ce magani ba ya zama guba don kwanansa ya wuce da mako guda, ya ce a Amurka ma an gwada an ga yana daɗewa. Akwai gaskiya a ciki. Tun 1986 rundunar sojan Amurka da hukumar kula da magunguna ta ƙasarsu suke da shiri na gwada magungunan da suka tara, kuma sun tarar da yawa suna da ƙarfinsu bayan kwanan da aka buga musu. Amma waɗancan magunguna a rufe suke cikin kwalayensu na asali, a sito mai daidaitaccen sanyi, kuma kowane rukuni sai an kai shi ɗakin gwaji kafin a ƙara masa kwana. Wa ya gwada rukunin da kuka aiko mini? Kwanan da masana'anta ke bugawa alkawari ne mai sharaɗi: ƙarfin maganin zai tsaya cikin iyakar da aka amince da ita, galibi kashi 90 cikin 100 zuwa sama, muddin an ajiye shi a yanayin da aka rubuta a kwali, ƙasa da digiri 25 ko 30 kuma nesa da laima. Mafi yawan maganin da muke sha a Kodebuwa daga waje yake zuwa, daga Faransa da Indiya da wasu wurare. Yakan yi makonni a teku cikin kwantena, ya zauna a tashar jirgin ruwan Abidjan kafin a fitar da shi, ya shiga sito, ya shiga bayan mota ya tsaya a cunkoson Adjamé da rana tsaka. Bayan ya bar hannuna zai kwana a ɗaki mai rufin kwano ko a ƙarƙashin teburin kasuwa. Garin nan namu na bakin teku yana cikin yankin da masana ke ɗauka mafi tsanani ga magani, mai zafi da laima tare, har gwajin da ake yi wa magungunan irin wannan yanki a digiri 30 da laima kashi 75 ake yin sa. Maganin da ya bi wannan hanya, watanninsa na ƙarshe su ne mafi rauni a rayuwarsa, kuma su kuka sayar mini.

Garin amoksisilin ɗin ya nuna haka ƙarara. Sinadarin kilabulanik da ke cikinsa yana jan laima, shi ya sa ake rufe bakin kwalbar da kyau, shi ya sa kuma bayan an zuba ruwa ake cewa a sa a firji a zubar bayan kwana 7. Lafiyayyen gari fari ne ko mai ɗan hasken madara, idan aka girgiza kwalba yakan watse ya bi jikinta. A cikin kwalba 40 ɗinku na ware 6 da garinsu ya dunƙule ya manne a gindi, biyu daga ciki har sun fara yin rawaya. Wannan alamar laima ce, kuma kwanansu bai ma cika ba. Sauran 34 ɗin daga rukuni ɗaya suke da su, lambarsu ɗaya, hanya ɗaya suka biyo. Wannan magani yara ake ba wa, masu ciwon kunne da ciwon huhu. Idan ƙarfinsa ya ragu, yaro zai sha kwana biyar zazzaɓi bai sauka ba, uwa ta ce likita bai gane ciwon ba, ko ta ce maganin farmasi ma ba ya aiki. Ƙwayar cutar da aka taɓa da rarraunan magani kuma ita ce gobe take ƙin jin mai ƙarfin. Na killace rukunin gaba ɗaya, na rubuta lambarsa, zan kuma sanar da hukuma yadda ƙa'ida ta tanada. Ya kamata ku ma ku duba ragowar wannan rukuni a sitonku, ku bi sawun duk kantin da kuka kai wa.

Yallaɓai, ban ɗauka cewa kun zauna kun ƙulla cutata ba. Na san yadda kaya ke tsufa a hannun ɗan sari. Akan yi oda mai yawa don tsoron yankewa, sai jirgi ya makara, sai kaya biyu su iso tare. Wani lokaci likitoci su koma rubuta wani nau'in, wanda aka tara ya zauna. Wani lokaci kuma a sito ake samun matsalar: yaran da ke loda kaya suna ɗaukar katan ɗin da ya fi kusa da hannu, na bayansa yana nan yana cin kwanansa. Ƙa'idar ajiyar magani ita ce wanda zai riga mutuwa shi zai riga fita, ko da shi ne ya zo daga baya. Idan aka bi ta tun da wuri, katan mai wata goma sha biyu a gaba zai fita lafiya lau, ba wanda zai yi kuka. Idan aka bari sai ya rage wata uku sannan aka tuna da shi, babu dabarar da ta rage sai garaɓasa. Duk wannan na fahimta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɓoye mini.

Matan kasuwar nan da nake gani kullum ta tagar kantina ba su yi karatun harhaɗa magani ba, amma sun fi mu iya wannan. Idan kwandon tumatir ya fara laushi, mai shi takan ware shi gefe, ta karya kuɗinsa, ta ce wa mai saye na miyar yau ne, kada ki kai shi gobe. Mai gidan abinci da za ta dafa a ranar ta saya da murna, mai son ajiya ta wuce. Haka ya kamata ku yi. Da wakilinku ya ce mini akwai amlodifin mai wata uku a rabin kuɗi, da na ɗauki kwali 20, na sayar wa waɗanda na san suna nan ba za su yi tafiya ba, ni na ci riba, ku kun rage asara. Akwai kantunan da ke bakin babban asibitin Treichville waɗanda cinikinsu na mako ya fi nawa na wata, su ma da an gaya musu gaskiya za su iya ɗauka. Mu da muka yi karatun zaure mun karanta a babin ciniki na Risala cewa ɓoye aibin haja bai halatta ba, kuma mai saye yana da damar mayarwa idan ya gano. Ban san wata doka ta kasuwanci ko wani addini da ya saɓa wa wannan ba.

Akwai ma'aunin da duniya ta sani. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya kan kyautar magunguna, waɗanda aka fara fitarwa a 1996, sun ce maganin da za a ba wata ƙasa kyauta ya kasance yana da aƙalla shekara ɗaya a gaba ranar da ya isa. An yi wannan ƙa'ida ne saboda yadda wasu ke kwashe tsofaffin kayan sitonsu su tura wa ƙasashen da ke cikin yaƙi ko bala'i da sunan taimako, a bar waɗanda aka taimaka da ɗawainiyar ƙonawa. Idan kyauta ma ana neman shekara guda, ni da zan biya kuɗina ina ganin ban yi zalama ba idan na nemi rabin haka.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi jaka 54 nauyi. Kun san inda kantina yake. Tafiyar ƙafa kaɗan ce tsakanina da Roxy, kasuwar maganin titi mafi girma a ƙasar nan. A 2017 jami'an tsaro sun shiga can sun kwashe magunguna tan-tan, ba a jima ba tebura suka dawo. A 2017 ɗin ce kuma aka yi dokar da ta kafa AIRP, hukumar da ke sa ido kan harkar magani a Kodebuwa. Mutane sukan ɗauka duk abin da ke Roxy jabu ne daga ƙetare. Akwai jabun, amma akwai kuma magani na gaske da ya zame daga halastacciyar hanya, kuma wanda ya fi saurin zamewa shi ne wanda kwanansa ya ƙare ko ya kusa. Duk mai kanti a unguwar nan ya san masu zagayawa da yamma suna tambaya cikin ladabi ko akwai kayan da suka gaji. Sun zo wurina bayan saukar kayanku, suka yi mini tayin sulusin kuɗi a hannu. Na sallame su. Amma ku yi tunanin saurayin da bai daɗe da buɗe kanti da bashin banki ba, ga faktir ɗinku ta ƙarshen wata tana jiransa, ga katan uku da ya san ba zai sayar ba. Ba kowa ne zai iya sallamar su ba. Duk lokacin da kuka tura wa ƙaramin kanti kaya masu gajeren kwana kuka ce ba a mayarwa, kun ajiye shi a bakin wannan ƙofa.

Abin da ake yi wa maganin idan ya isa can sananne ne. A yar da kwalin, a sayar da kati-kati. Kwanan da aka buga da tawada a goge shi, wanda aka danna a gefen kati a datse wurin da almakashi, wani lokaci a liƙa sabuwar takarda a kan tsohuwar. Masu karatun wannan wasiƙa da ba 'yan sana'ar ba, ga abin da za ku riƙa dubawa ko a ina kuka sayi magani: lambar rukuni da kwanan da ke jikin kwali su zama daidai da na jikin katin da ke ciki, kada ku karɓi katin da aka yanke gefensa, ku shafa wurin kwanan da yatsa ku ji ko akwai liƙi, sannan ku lissafa ko za ku gama shan maganin kafin watan da aka rubuta ya ƙare. Mai kantin da ya ji haushin wannan dubawa, ku bar masa kayansa.

Maƙwabtanmu sun riga mu ganin inda sakaci ke kaiwa. A Kwatano, cikin Fabrairun 2017, gwamnatin Benin ta rushe kasuwar magani ta Adjégounlè da ke cikin Dantokpa, kuma binciken bai tsaya kan mata masu tebur ba. A Maris 2018 kotu ta yanke wa shugabannin wasu kamfanonin sarin magani masu lasisi ɗaurin shekara huɗu. A Kano ma, a 2024, hukumomi sun rufe shagunan magani na Sabon Gari don tilasta wa 'yan sari komawa cibiyar da aka gina a Dangwauro, inda za a iya sa ido kan ajiya da shige da fice. Ban kawo waɗannan don in kwatanta ku da kowa ba. Na kawo su ne don a ga cewa idan hukuma ta tashi bin sawun magani, lambar rukuni take bi, lambar kuma daga sitonku ta fito. Kwali 36 ɗin nan idan suka ɓace daga hannun wani mai kanti suka bayyana a tebur, sunan kamfaninku ne a takardar shigo da su.

Ga abin da nake nema. Ku aiko mota ta kwashe waɗannan kaya iri uku kafin ƙarshen wannan wata, tun amlodifin ɗin yana da sauran amfani ga kantin da zai iya sayar da shi da sauri. Ku ba ni takardar rage bashi ta cikakken kuɗinsu, a cire daga faktir ɗin Oktoba. Kwalaben amoksisilin kuwa kada a mayar da su kan kanta a sitonku, a killace su, a lalata su ƙarƙashin idon hukuma, a ba ni kwafin takardar shaida in ajiye a fayil ɗina.

Sauran buƙatun ba nawa ba ne ni kaɗai. Ku riƙa buga kwanan mutuwa da lambar rukuni a kan kowane layi na takardar kaya. Bayanin yana cikin kwamfutarku tun ranar da kaya suka shiga sito, fitar da shi kawai za a yi. Duk abin da bai kai wata shida a gaba ba, kada a ɗora shi a mota sai an kira mai kanti an gaya masa ya amince. Magungunan da ake daɗewa ana amfani da su, irin abin shaƙar asma da na hawan jini da na ciwon sukari, a sa musu shekara guda. Garaɓasar da dalilinta gajeren kwana ne a faɗi haka a rubuce, tare da alkawarin karɓar abin da ya rage. Kuma ku daina auna wakilanku da yawan katan ɗin da suka fitar kawai, domin yaron da aka ce albashinsa na kan abin da ya sayar, ba zai taɓa fara zance da kwanan mutuwa ba.

Na san akwai masu kantin da ke cin zarafin damar mayar da kaya, su yi oda barkatai, su bar magani ya mutu a hannunsu sannan su ce a karɓa. Kuna da haƙƙin kare kanku daga irin waɗannan. Ku sa wa'adi: wanda bai yi ƙorafi cikin kwana biyu ko uku da saukar kaya ba, ya riƙe abinsa. Ni nawa ƙorafin yana rubuce a takardar da direbanku ya sa wa hannu a ranar.

Kamfanonin sarin magani masu lasisi a ƙasar nan ba su da yawa, kuma mu masu kantuna ba mu da wata hanya ta halal sai ta wurinku. Kun yi mini rana a baya, kun ɗaga mini ƙafa lokacin da kuɗin inshora suka makara, ban manta ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma ba zan biya kuɗin waɗannan kaya ba, ba kuma zan miƙa wa majiyyaci abin da ni ba zan ba mahaifiyata ba. Sauran faktir ɗin zan biya a ranarta kamar kullum.

Kayan suna nan a sito cikin katan uku, an ɗaure, an rubuta musu lambobinsu, an ware su daga na sayarwa. Idan ranar 31 ga Oktoba ta wuce motarku ba ta zo ba, zan kai kwafin wannan wasiƙa da takardar kaya da hotunan kwalaben ga AIRP da Ƙungiyar Masana Harhaɗa Magunguna ta ƙasa. Na fi son mu gama a tsakaninmu. Ina jiran amsarku a rubuce.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalam.

Taku,
Mai kantin magani,
kusa da Kasuwar Guro, Adjamé